Wasiƙar Rabuwa: Yadda Mai Zane Zai Ajiye Aikin Mai Jan Ƙafa Wajen Biya

A Kano da Kaduna da Zariya da Jos akwai matasa da yawa da suke cin abinci da zane a kwamfuta ba tare da suna ƙarƙashin wani kamfani ba. Su ne ke zana wa 'yan kasuwa tambari, su tsara takardar da ake manna wa kwalba ko leda, su yi katin biki da kalanda da hotunan talla da ake sawa a shafukan sada zumunta. Ba su da albashi. Abin da ya shigo asusu bayan an gama aiki, shi ne kuɗin haya da na data da na man janareta. Idan ka zauna da su, ba za ka ji suna yawan kuka da wanda ya fito fili ya ce ba zai biya ba, domin wannan an san matsayinsa. Wanda ya fi cin ransu shi ne mai fara'a, mai yabon aiki, wanda kullum amsarsa ita ce a yi haƙuri zuwa Juma'a, kaya ba su fita ba, ana jiran wani ya biya shi. Kuma a daidai lokacin da yake ba da haƙurin yake turo sabon aiki.

Tela yana da abin riƙewa: idan ba a cika masa kuɗin ɗinki ba, rigar tana nan rataye a shagonsa. Mai zane kuwa da zarar ya tura fayil ta waya, aikin ya bar hannunsa, gobe ma sai ya gan shi a jikin kaya a kanti. Abin da ya rage masa shi ne lissafi da hujja, kuma wasiƙar ajiye aiki ita ce wurin da yake haɗa su biyun. Ra'ayina shi ne a rubuta wannan wasiƙa da mutum biyu a zuciya. Na farko shi ne wanda ake bi bashin. Na biyu baƙo ne da bai san kowa ba a cikinsu, wataƙila dattijon da za a kira sulhu, wataƙila alƙali. Duk jimlar da ba za ta taimaki wannan baƙo ya gane nawa ake bi, na mene ne, kuma yaushe za a biya ba, ba ta da wuri a cikin takardar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata matashiya mai zane a Kano ta yi ciniki da wani Alhaji mai sarrafa yaji da ƙuli-ƙuli da dakakkiyar citta. A watan Yuni na 2025 suka daidaita ta waya: tambari Naira 60,000, takardar manna wa kaya kala uku, kowace Naira 35,000, sannan hotunan talla goma sha biyu a kowane wata a kan Naira 40,000. Ya ba ta kafin alƙalami na Naira 60,000, aiki ya kankama. Ta miƙa tambari da takardun manna kaya, ta yi tallan Yuli da Agusta da Satumba. Da ya ce yana son ganin samfuri a takarda kafin a buga da yawa, ita ta biya mai ɗab'i Naira 12,000 daga aljihunta, ya ce zai mayar mata. Tun daga nan abin da ya shigo mata sau biyu ne kawai, Naira 40,000 a Agusta da Naira 25,000 a Satumba. Sau uku yana sa rana yana saɓawa. A Oktoba kuma ya ce ta fara masa kalandar sabuwar shekara a kan Naira 50,000, ta kai rabi, sannan ta tsaya ta yi tunani.

Aikin farko ba rubutu ba ne, lissafi ne. Ta koma hirarsu tun daga farko ta ciro saƙon da aka ambaci kowane farashi, ta nemi bayanin asusunta daga banki ta duba abin da ya shigo da ranar da ya shigo. Ayyukan da ta gama ta miƙa sun kama Naira 285,000. Idan aka ɗora kuɗin samfuri ya zama Naira 297,000. An biya Naira 125,000. Ciko shi ne Naira 172,000.

To, kalandar fa? A nan ne masu zane da yawa suke ɓata hujjarsu. Zuciya za ta ce a saka Naira 25,000 na rabin aiki, tunda an yi wahalarsa. Amma ba su taɓa yin magana a kan biyan rabin aiki ba, kuma ba ta miƙa masa komai daga ciki ba. Idan ta saka, ta buɗe masa ƙofar gardama: zai bar Naira 172,000 da ba ya iya musu a kai, ya tsaya a kan Naira 25,000 yana cewa an yi masa ƙari, daga nan duk lissafin ya zama abin zargi. Gara ta cire kalandar, ta faɗa a fili cewa ta cire. Adadin da ya fi ƙarfi a wasiƙa irin wannan shi ne wanda kowace naira a cikinsa take da saƙo ko rasit a bayanta.

Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa:

"Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa daga yau na ajiye duk aikin zane da nake yi wa kasuwancinka, saboda jinkirin biyan kuɗin ayyukan da na riga na kammala.

Ayyukan da na miƙa su ne: tambari, Naira 60,000, takardun manna wa kaya guda uku, Naira 105,000, hotunan talla na Yuli da Agusta da Satumba, Naira 120,000, sai kuɗin buga samfuri da na biya a madadinka, Naira 12,000. Jimla Naira 297,000.

Abin da na karɓa shi ne: Naira 60,000 ranar 10 ga Yuni, Naira 40,000 ranar 2 ga Agusta, da Naira 25,000 ranar 19 ga Satumba. Jimla Naira 125,000.

Cikon da nake bi shi ne Naira 172,000. Ban saka kalandar da na fara ba, kuma ba na neman komai a kanta.

Ka yi mini alkawarin biya ranar 31 ga Agusta, da 30 ga Satumba, da 20 ga Oktoba, ba a samu biyan ba. Ina roƙon a biya cikon gaba ɗaya zuwa ranar Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025, kafin ƙarfe 4 na yamma, a asusun da ka saba turo mini, wanda na sake rubuta lambarsa a ƙasa. Wannan shi ne wa'adi na ƙarshe.

Da zarar kuɗin ya shiga, zan miƙa maka asalin fayilolin zanen cikin kwana biyu, tare da takardar da ke mallaka maka su. Lambar sirrin shafin kasuwancinka kuwa na turo maka ita yau, ina ba da shawara a canza ta.

Idan wa'adin ya wuce ba a biya ba, zan kai maganar kotu ba tare da wata sanarwa daga gare ni ba. Idan kana ganin akwai kuskure a lissafin, ka nuna mini a rubuce kafin ranar.

Na gode da aikin da muka yi tare. Allah Ya bar zumunci."

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma haka ya kamata. Mai karatu zai lura an yi gaisuwa da girmamawa yadda ya dace da yarinya mai rubuta wa wanda ya haife ta, amma a layi na biyu an faɗi abin da ya kawo ta. Ladabi bai hana fayyace magana ba. Abin da ke cutar da mai bin bashi shi ne kunyar da ke sa ya ɓoye adadi a cikin addu'o'i har mai karɓar wasiƙar ya gama karantawa bai ji an tsayar masa da komai ba.

Ranar wa'adi ta cancanci a dakata a kanta. "Ƙarshen wata" ba rana ba ce, haka ma "nan da mako biyu", domin sai a yi gardama a kan daga yaushe aka fara ƙirge. A rubuta sunan rana, da kwanan wata, da shekara, da ƙarfe. A zaɓi ranar aiki, don kada a ce banki a rufe yake. Kwana 14 ya isa mai niyyar biya ya haɗa kuɗi, bai kuma yi tsawon da zai sa a manta ba. Kwana biyu zai yi kama da fushi a idon duk wanda zai duba maganar daga baya, wata biyu kuma ƙarin jinkiri ne da mai bin bashin ya sa wa hannu da kansa. Jinkirin nan ba kyauta ba ne. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wato kuɗin da aka riƙe wa mutum watanni, ko an biya shi cif, ba zai sayi abin da zai saya a ranar da aka gama aikin ba.

Kalmar "na ƙarshe" kuma nauyi gare ta. Wanda ya rubuta ta, ranar ta wuce, ya sake aiko da wani wa'adin "na ƙarshe", ya koya wa mai bashin cewa maganarsa ba ta da ƙarshe. Shi ya sa bai kamata a ambaci mataki ba sai wanda aka shirya ɗauka. Idan mai zane ya san ba zai je kotu ba, ya rubuta abin da zai yi da gaske, misali cewa zai kai maganar gaban wanda ya haɗa su aikin, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar da mutumin yake ciki. A wurinmu sau da yawa wannan ya fi takardar lauya saurin fito da kuɗi, domin ɗan kasuwa yana tsoron a san shi da taurin bashi a cikin abokan huldarsa.

Akwai abubuwan da aka bari a waje da gangan. Babu labarin dare nawa ta yi ba barci, babu "na ga ka sayi sabuwar mota", babu kalmar macuci ko ɗan damfara. Babu kuma barazanar tona asiri a shafukan sada zumunta, domin wanda ya wallafa zargi a kan mutum da sunansa yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan ɓata suna, bashin kuma yana nan. Barazanar 'yan sanda ma ba ta da tushe. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 8, ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita hakan. Bashin aikin zane maganar kotun farar hula ce.

Wani zai tambaya me ya sa ba ta ɗora tarar jinkiri ba, kamar yadda ake gani a takardun masu zane na ƙasashen waje. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba su yi wannan sharaɗi tun farko ba, kuma ba a ƙirƙiro sharaɗi a ranar rabuwa. Na biyu, ga Musulmi ƙari a kan bashi saboda jinkiri yana shiga babin riba, don haka da yawa ba sa so su kusance shi. Amma addinin da ya hana ƙarin bai bar mai haƙƙi a banza ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu take, kuma hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kira jinkirin mai hali wajen biya zalunci. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashi rubuta wa babba takardar bashi rashin kunya ne, bai faɗi daidai ba.

Sai maganar fayiloli, wadda ita ce ta bambanta wasiƙar mai zane da ta sauran masu bin bashi. Abin da ake tura wa mai aiki ya gani, kamar PNG ko PDF, daban yake da asalin fayil na CorelDRAW ko Illustrator, wanda da shi ake canza farashi ko adireshi ko lambar rajista a jikin takardar kaya. Alhajin namu zai iya ci gaba da buga abin da ke hannunsa, amma ranar da zai sauya nauyin ƙuli-ƙuli daga giram 200 zuwa 250, sai ya nemi asalin. Wannan shi ne ɗan abin da ya rage a hannunta, kuma tana da damar riƙe shi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, mallakar aiki tana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙira shi sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma mallaka wa wani ba ta tabbata sai a rubuce. Sai dai kada mai zane ya zarce. Tunda ita ta miƙa masa zanen don ya yi amfani da shi, ana iya ɗauka ta ba shi izinin amfani, don haka rubuta masa cewa ya janye kayansa daga kasuwa magana ce da sai an shawarci lauya kafin a furta ta.

Lambar sirrin shafinsa kuwa ba tata ba ce. Shafin nasa ne, mabiyan nasa ne. Mai zanen da ya kulle shafin wanda yake bi bashi, ko ya goge hotunan da ke ciki, ya mayar da kansa mai laifi a rikicin da shi ke da gaskiya. A mayar da abin mutane a ranar da aka ajiye aiki, a kuma rubuta cewa an mayar.

Kafin a aika, a duba abu biyu. Idan akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta ce sai an ba da sanarwar wata ɗaya kafin a rabu, a bi ta, in ba haka ba shi ma zai ce an saɓa masa. Sannan a tabbatar da wanda ake bi. Idan kasuwancin kamfani ne mai rajista da ke tsaye da kansa a doka, da sunan kamfanin ake rubuta wasiƙar, a sa ta hannun shugabansa. Idan sunan kasuwanci ne kawai, mai shi ake bi.

Yadda aka isar da wasiƙar ma hujja ce. A mayar da ita PDF a tura ta WhatsApp da imel in akwai, a ɗauki hoton allon da ke nuna ta isa. A buga kwafi biyu a kai shago ko ofis, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi. Idan mai bashin ba ya karatun boko sosai, a karanta masa ita a saƙon murya kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan da suka fito daga na'ura a kotu bisa wasu sharuɗɗa, don haka kada a goge hirar, kada kuma a sayar da wayar kafin a adana ta a wani wuri.

Daga nan amsa takan zo ta ɗaya daga 'yan hanyoyi. Wani zai kira a fusace ya ce an raina shi. A saurare shi, kada a mayar, bayan an ajiye waya a tura gajeren saƙo mai cewa mun yi magana yau, lissafi da wa'adi suna nan yadda suke. Wani zai turo Naira 50,000 ya yi shiru, yana fatan a ɗauka an gama. A gode masa a rubuce, a ce an karɓi Naira 50,000 daga cikin Naira 172,000, saura Naira 122,000, ranar ba ta canza ba. Wani zai turo hoton rasit, to a buɗe asusu a ga kuɗin da ido kafin a saki fayil ko ɗaya, domin rasit na bogi ya yi yawa, tura kuɗi ma yakan maƙale ya koma wa mai shi.

Akwai kuma wanda da gaske kasuwa ta juya masa baya. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sassauta wa wanda ke cikin ƙunci abu ne mai kyau. Amma sassauci ma a rubuce ake yin sa. Ana iya raba cikon gida huɗu, Naira 43,000 kowane mako biyu, da ranakunsu, shi ya rubuto da kansa cewa ya amince ana bin sa Naira 172,000, kuma idan ya saɓa sau ɗaya sauran duka ya zama abin biya nan take. Wannan amincewar tasa ta fi duk wata hujja da mai zanen ke da ita. Yadda ake bambanta mai ƙunci da mai jan ƙafa ba shi da wuya: mai ƙunci yakan kawo adadi da rana da kansa, ko da kaɗan ne, mai jan ƙafa kuma yakan kawo sabon labari, wani lokacin har da sabon aiki mai tsoka da zai "haɗa ya biya gaba ɗaya". Kada a karɓi aikin.

Idan 17 ga Nuwamba ta wuce shiru, kotu ba ta da nisan da ake zato. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi baya a 2019, wasu jihohi ma sun biyo. An tsara su ne don bashin da bai wuce Naira miliyan 5 ba a lokacin da aka fara, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma manufar ita ce a yanke hukunci cikin kwana 60. Matakin farko a tsarin shi ne a nuna an aika wa wanda ake bi takardar neman biya. Kotun tana da nata fom na wannan, wanda ake karɓa a ofishin rajistara, amma duk abin da za a cika a ciki yana cikin wasiƙar da aka riga aka rubuta. A Kano akwai kuma zauren sulhu, ga kotunan shari'ar Musulunci da ke sauraron ƙarar bashi. Doka ta sa iyakar shekarun da za a iya kai ƙarar bashin yarjejeniya, biyar ko shida gwargwadon jiha, don haka ba a ajiye maganar sai baba ta gani.

Ga mai zanen da ke karanta wannan yana tuna wani da ya riƙe masa kuɗi tun bara: ka buɗe hirarku yau, ka fitar da farashin kowane aiki da ranar kowane biya, ka cire duk abin da ba ka da saƙo ko rasit a kansa, ka rubuta cikon da ranar biya a shafi ɗaya ka aika. Aiki na gaba kuma, da shi ko da wani, kada ka fara sai rabin kuɗin ya shiga asusu, kada asalin fayil ya fita sai sauran rabin ya biyo.